Yadda ake gyara rubutun bidiyon bayani har murya ta dace da hoto

Mafi yawan rubuce-rubucen bidiyon bayani ana yin su ne a kan takarda kafin a ga hoto ko ɗaya, shi ya sa suke da daɗin karantawa amma suke lalacewa da zarar an ɗora su a kan bidiyon. Mai bayani yana magana a kan mataki na farko alhali allo ya kai mataki na uku, ko kuma yana ta jero siffofi a kan abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa. Idan aka zo ƙarshe sai a roƙi mai kallo abubuwa huɗu ko biyar a numfashi ɗaya, ya rufe bidiyon bai yi ko ɗaya ba. Gyaran irin wannan rubutu aiki ne da ake yi da kunne da agogo, hoto yana gaba murya tana bin sa.

Domin maganar ta fito fili, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce an ba ka rubutu mai kalmomi 260 na bidiyon da ake so ya tsaya a daƙiƙa 90, wanda zai koya wa mutane yadda za su kunna Two-step verification a WhatsApp, wato su sa lambar sirri mai alƙaluma shida wadda za a nema duk lokacin da wani ya yi ƙoƙarin yin rajistar lambar wayarsu a wata waya. An riga an ɗauki hoton fuskar waya yadda yatsa yake bin matakan, an kuma yi 'yan zane-zane na buɗewa. Abin da ya rage shi ne a sa rubutun ya zauna a kan waɗannan hotuna.

Ka fara daga ƙarshe

Kafin ka taɓa jimla ko ɗaya, ka rubuta a saman takardar abu guda da kake so mai kallo ya yi bayan ya gama kallo. Wannan ya zama aikin da ake iya gani ana yi, irin wanda za a ce an yi ko ba a yi ba. “Su fahimci muhimmancin tsaro” ba ya cikin wannan rukuni, domin babu wanda zai iya nuna lokacin da hakan ya faru. “Su sa lambar sirri a WhatsApp ɗinsu” kuwa yana ciki.

Dalilin farawa daga nan shi ne, wannan layi ɗaya zai zama ma'aunin duk abin da za ka yanke daga baya. A rubutun misalinmu akwai sakin layi guda da yake bayanin yadda ake ɓoye saƙonni tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Bayanin gaskiya ne, yana da ban sha'awa, amma babu abin da yake ƙara wa mutumin da ake so ya sa lambar sirri, saboda haka ya fita. Da ba a tsayar da buƙatar ƙarshe tun farko ba, da an yi ta jayayya a kan wannan sakin layi, domin kowa zai ce ai yana da amfani.

Raba takardar gida biyu

Masu shirya bidiyo sun daɗe suna rubutu a takardar da aka raba biyu, hoto a ɓangaren hagu, sauti a ɓangaren dama. Ka yi haka, kuma ka fara cika ɓangaren hagu. Ka kunna hotunan da aka ɗauka ba tare da murya ba, duk inda abin da ke kan allo ya sauya ka buɗe sabon layi, ka rubuta abin da ido yake gani da tsawon daƙiƙun da ya ɗauka. Ka kiyaye ka rubuta abin da yake a allon zahiri, domin marubuci yakan rubuta abin da yake nufi hoton ya nuna. Idan hoton mutum ne riƙe da waya yana ɗaure fuska, to abin da za ka rubuta ke nan, kada ka rubuta “an sace masa asusu”, don mai kallo ba zai ga satar ba sai an faɗa masa.

Bayan haka sai ka yayyanka tsohon rubutun jimla-jimla, ka ajiye kowace a gaban hoton da ta shafa. A nan ne matsalolin suke bayyana da kansu. Za ka ga jimlolin da ba su da hoton da za su zauna a kai, za ka ga hotunan da babu abin da aka ce a kansu, za ka kuma ga inda jimla ɗaya ta miƙe ta haye hotuna uku. Kowace jimlar da ba ta da hoto tana da mafita biyu kawai: ko a cire ta, ko a nemo mata hoto. Abin da ba a so shi ne a toshe gurbin da wani hoto na gama-gari, kamar yatsu a kan madannan kwamfuta ko zanen kwaɗon ƙofa yana juyawa, domin idon mai kallo zai tsaya neman alaƙar hoton da maganar, kafin ya gane babu alaƙa jimlar ta wuce shi.

Auna bakinka da agogo

Kada ka ɗauki wani adadin kalmomi da aka ƙayyade wa wani harshe ka ɗora wa Hausa. Ka sa wanda zai yi muryar ya karanta rubutun da ƙarfi, da saurin da zai yi magana da mutumin da yake koya wa abu, ka riƙe agogo. A ce ya karanta kalmomi 260 ɗin nan cikin minti biyu cif. Wannan yana nufin yana yin kalmomi 130 a minti, kusan kalma biyu ke nan a kowace daƙiƙa, kuma rubutun ya zarce bidiyon da daƙiƙa 30.

Lissafin da za a fara yi shi ne daƙiƙa 90 za su ɗauki kalmomi 195. Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa mai bayani ba zai yi shiru ko sau ɗaya ba, alhali bidiyon da ake nuna matakai yana buƙatar wuraren da za a bar mai kallo ya duba allo, ya gane inda aka taɓa. Idan ka ware daƙiƙa 15 domin shiru, saura 75, waɗanda za su ɗauki kimanin kalmomi 160. Ke nan kalmomi 100 za su fita daga rubutun. Mutane da yawa idan suka ga wannan adadi sai su ce a bari mai bayani ya ƙara sauri, ko a ƙara wa muryar gudu wajen tacewa. Wannan ba ya magance komai, domin fahimtar mai kallo ba ta ƙara sauri tare da muryar ba, kuma ana jin gaggawar a kunne.

Amfanin sanin cewa kalma biyu ce a daƙiƙa ya wuce jimillar rubutun. Yanzu kana iya duba kowane layi na takardarka ka san abin da zai iya ɗauka. Hoton da ya tsaya daƙiƙa huɗu ba zai ɗauki fiye da kalmomi takwas ba, kuma gara shida.

Inda aikin yake: kalma ta sauka tare da hotonta

Ga jimlar da ke tsakiyar rubutun misalinmu: “Domin kunna wannan tsari mai matuƙar muhimmanci, wanda zai kare ka daga masu kutse da ke yawo a ko'ina, sai ka shiga Settings, daga nan ka je Account, sannan ka zaɓi Two-step verification.” A takarda babu laifi a tattare da ita. Kalmomi 33 ne, za su ci kusan daƙiƙa 15. Hoton da za ta zauna a kai kuwa daƙiƙa tara ne, taɓawa uku, kowace daƙiƙa uku. Abin da ya fi tsawon muni shi ne wurin da sunan farko ya faɗo: Settings ita ce kalma ta 23, ba za a ji ta ba sai an wuce daƙiƙa goma, lokacin da yatsan ya riga ya gama duka taɓawa ukun. Mai kallo ya ga matakan ba tare da ya san abin da yake kallo ba, sannan ya ji sunayensu a kan wani hoton dabam.

Gyaran yana da sassa biyu. Na farko, dalilin yin abin ya koma gaba, wurin zanen buɗewa, inda dama ake nuna wani yana ƙoƙarin shiga asusun da ba nasa ba. Na biyu, matakan su rabu, kowane ya samu gajeren layinsa: “Ku shiga Settings.” Shiru. “Ku taɓa Account.” Shiru. “Sai Two-step verification.” Kalmomi tara ke nan a daƙiƙa tara, rabin lokacin magana, rabi kallo. Ka tsara yadda sunan zai fito daga bakin mai bayani ɗan kaɗan kafin yatsan ya sauka, kamar rabin daƙiƙa, domin kunne ya shaida wa ido abin da zai nema. Idan sunan ya zo bayan taɓawar, allon ya riga ya sauya, abin da aka ambata ya ɓace.

Wannan ba ra'ayin masu tace bidiyo kaɗai ba ne. Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya yi gwaje-gwaje da zane mai motsi da ke nuna yadda famfon keke yake aiki, kuma ɗaliban da suka ji bayani a daidai lokacin da suke kallon zanen sun fi iya amfani da abin da suka koya a kan waɗanda aka ba su bayanin dabam, zanen dabam. Mutumin da ya ji magana yanzu ya ga hotonta daga baya, dole ya riƙe ɗaya a ka yana jiran ɗayan, kuma abin da ƙwaƙwalwa take iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne.

Akwai wani kuskure da yake kishiyar wannan, wato mai bayani ya riƙa faɗin abin da kowa yake gani. “Kamar yadda kuke gani, yanzu wani shafi ya buɗe mai ɗauke da gurabe shida” magana ce da ta cinye daƙiƙa shida ba ta ƙara komai ba, domin gurabe shidan suna nan a allo. Lokacin ya fi dacewa da abin da hoton ba zai iya faɗa ba: “Ku zaɓi lambar da za ku tuna, ban da ranar haihuwarku.” Ƙa'idar da nake bi ita ce hoto ya nuna mene ne da kuma ina ne, murya ta faɗi dalili da abin da za a kiyaye. Sunayen maɓallai ne kaɗai suka cancanci a gan su kuma a ji su, saboda su ne mai kallo zai nema a tasa wayar. Su ma a faɗe su yadda suke a rubuce a allon. Idan allon ya ce Turn on, mai bayani ya ce “Ku taɓa Turn on”, ko da zai ƙara da cewa shi ne kunnawa.

Ka lura kuma da kalmomin nuni irin su “nan”, “wannan” da “can”. Suna aiki ne kawai idan akwai abu ɗaya tak a allo da za su iya nufi, ko kuma an zagaye shi da da'ira ko kibiya a daidai lokacin. “Ku taɓa nan” a kan shafi mai layuka goma ba ta nuna komai.

Wani abin da karatun takarda ba ya kamawa shi ne kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. A misalinmu kalmar “lamba” tana nufin abubuwa uku: lambar waya, lambar da WhatsApp yake turowa ta saƙon tes lokacin rajista, da lambar sirrin da mutum zai ƙirƙira da kansa. Biyun ƙarshe duka alƙaluma shida ne, saboda haka rikita su abu ne mai sauƙi, kuma rikicin yana da haɗari tunda ta saƙon tes ɗin ce masu damfara suke roƙon mutane su turo musu. A gyara, kowace ta samu suna ɗaya da ba ya sauyawa har ƙarshe: “lambar waya”, “lambar da aka turo” da “lambar sirri”. Marubuci yakan so ya sauya kalma don gudun maimaici, amma a bidiyon bayani mai kallo yana ɗauka sabuwar kalma sabon abu ce. Haka nan rubutun farko ya riƙa tsalle tsakanin “ka” da “ku”. Na zaɓi “ku” ko'ina, domin ta haɗa mace da namiji, kuma kunne ba ya tuntuɓe da ita.

Wani lokaci rubutun ne yake da gaskiya, hoton ne ya gajarce. Bayan sa lambar sirri, ana ba mutum zaɓin ƙara adireshin imel, kuma a hoton da aka ɗauka wannan shafi bai wuce daƙiƙa biyu ba. Amma a nan ne gargaɗi mafi muhimmanci yake: wanda ya manta lambar sirrinsa bai sa imel ba, sai ya jira kwana bakwai kafin ya iya sake saita ta. Wannan magana ba ta yankuwa, kuma tana buƙatar kamar daƙiƙa bakwai. Sai ka rubuta wa mai tacewa a ɓangaren hagu cewa a daskarar da hoton a wannan shafi na ƙarin daƙiƙa biyar, ka nemo biyar ɗin daga zanen buɗewa, wanda kusan kullum ya fi yadda ake buƙata tsawo.

Buƙata ɗaya a ƙarshe

Rubutun farko ya rufe da cewa: “Kada ku manta ku danna Like, ku yi Subscribe, ku tura wa 'yan uwa, ku rubuto mana ra'ayinku, kuma ku kunna wannan tsari a wayoyinku.” Buƙatu biyar ne, kuma wadda aka yi bidiyon dominta ita ce ta zo a ƙarshen layi, bayan huɗun da suke amfanar mai bidiyon. Wanda aka jero wa abubuwa biyar sai ya tsaya zaɓe, idan ma ya yi wani abu to mafi sauƙin zai yi, ya danna Like ya wuce, asusunsa yana nan a buɗe.

Ka koma ga layin da ka rubuta a saman takarda ka mayar da shi jimlar umarni mai aiki ɗaya, wadda ta faɗi lokaci da wurin farawa. Yunƙurin farko zai iya zama “Ku ɗauki wayarku yanzu ku sa lambar sirri”, amma da ka yi tunanin inda mai kallo yake za ka ga kuskuren: mai yiwuwa a wayar yake kallon bidiyon, tana hannunsa. Abin da ya fi dacewa shi ne: “Da zarar bidiyon nan ya ƙare, ku shiga Settings ku sa lambar sirrinku.” Kalmomi 13 ne, kimanin daƙiƙa shida. Hoton da ke ƙarƙashinta ya nuna hanyar a rubuce, Settings, Account, Two-step verification, ya kuma tsaya daƙiƙa biyu ko uku bayan muryar ta yi shiru, don wanda yake so ya ɗauki hoton allon ya samu dama. Kada a ƙara wata magana bayan wannan, ko da godiya ce ko sai an jima, domin abin da kunne ya ji a ƙarshe shi yake tafiya da shi.

Sau da yawa wanda ya ba da aikin zai nace sai an ambaci Subscribe ko shafinsu. Ana iya sauke wannan daga murya a mayar da shi rubutun da ke ƙasan bidiyo, ko wata ƙaramar alama a kusurwa. Idan a YouTube za a ɗora, akwai abin da ake kira End screen, wanda yake zama a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshen bidiyo, kuma abubuwan da aka sa a cikinsa suna hawa kan hoton. Idan za a yi amfani da shi, ka tanadar masa lokacinsa bayan buƙatar, ka tabbata bai rufe rubutun hanyar ba. Idan kuwa aka ce buƙatu biyun duka manya ne, ba a iya sauke ko ɗaya, to alama ce cewa bidiyo biyu aka cusa a cikin ɗaya.

Gwaji kafin a ɗauki murya ta gaskiya

Ka ɗauki muryar gwaji da wayarka, ka ɗora a kan hotunan, ka kalla sau uku ta hanyoyi dabam-dabam. Karo na farko ka kashe sauti: idan ba ka iya bin matakan da ido kaɗai, hotunan suna da giɓi, kuma mutane da yawa suna kallon bidiyo ne ba sauti. Karo na biyu ka juya wa allon baya ka saurara: duk inda ka rasa abin da “wannan” take nufi, ko numfashin mai bayani ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ka sa alama. Karo na uku ka haɗa su, kana tsayar da bidiyon a kan kowane suna da aka ambata, ka duba ko abin yana allo a wannan lokacin.

Daga nan sai ka ba wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya kalla sau ɗaya. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, domin zai ce ya yi. Ka tambaye shi me aka ce ya yi, sannan ka miƙa masa waya ka ce ya yi. Idan ya amsa da abubuwa biyu, ƙarshen bai tsaya ba tukuna. Idan ya amsa daidai amma ya maƙale a wani mataki, ka duba layin wannan mataki a takardarka. A misalinmu wurin da aka fi maƙalewa shi ne na farko, saboda wurin da ake shiga Settings a wayar Android ya bambanta da na iPhone, hoton kuma ɗaya kawai ya nuna. Gyaran bai buƙaci ƙarin kalma a murya ba: aka raba allon biyu na daƙiƙa uku ɗin farko, kowace waya a gefenta da kibiya a kan wurin taɓawa, rubutun ya tsaya a kalmomi 158.